FFT ɗina yana fita daidai da lamba 4 amma da na ba shi 8 sai ya kwaɓe

Auwal: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin lissafin sigina a taimaka min, kwana uku kenan abin nan ya hana ni barci. Furojet ɗina na ƙarshe kan auna wutar janareta ne, na sa ƙaramar taransfoma ta rage wutar sannan ina ɗaukar samfur 1000 a kowace daƙiƙa, ina so in ga firikwensi nawa ne a cikin wutar, 50 Hz ɗin nan yana tsaye ko yana yawo, kuma akwai wasu a samansa ko babu. Malamina ya ce sai na rubuta lissafin da hannuna kafin in taɓa numpy. Na rubuta DFT ɗin, wato lissafin da ke fitar da firikwensin da ke cikin sigina, ga shi:

```python
import cmath
def dft(x):
    N = len(x)
    return [sum(x[n]*cmath.exp(-2j*cmath.pi*k*n/N) for n in range(N))
            for k in range(N)]
```

Wannan yana aiki lafiya lau sai dai nauyi, da na ba shi samfur 8192 har na je na yi sallah na dawo fankar kwamfutar na ta ihu. Shi ne na rubuta mai saurin, wato FFT:

```python
N = len(x)
def fft(a):
    if len(a) == 1:
        return a
    E, O = fft(a[0::2]), fft(a[1::2])
    T = [cmath.exp(-2j*cmath.pi*k/N)*O[k] for k in range(len(O))]
    return ([E[k]+T[k] for k in range(len(E))] +
            [E[k]-T[k] for k in range(len(E))])
```

Na gwada da `[1,2,3,4]` ya yi daidai da na farkon tsaf. Na gwada da 1 zuwa 8 sai rabin amsar ta yi daidai rabi ta lalace. `X[1]` ya kamata ya zama `-4+9.657j` amma ni `-9.657+9.657j` nake samu. Kuma gaskiya ko da ya yi aiki ma ban gane dalilin da ya sa rabawar nan take rage aiki ba, kwafa kawai na yi daga abin da aka rubuta mana a allo.

Nura mai gyaran wuta: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa in rabin awon ka na fita daidai rabi ba daidai ba, fara duba taransfomar da ka sa, ƙananan nan na kasuwa in wuta ta ɗan yi sama sukan murɗe siffar wutar. Na sha gani.

Auwal: Yaya Nura na gode, amma ban ma kai ga haɗa wayar ba a wannan gwajin, lambobi 1 zuwa 8 na rubuta da hannu. Maganar taransfomar dai na riƙe ta don zan dawo kanta.

Sani: Ni a ganina matsalar wurin rabawar take. Abin nan ai kamar jera lambobi ne ta hanyar rabawa, ka yanka jerin a tsakiya, rabin farko gefe ɗaya rabin ƙarshe gefe ɗaya, kowa ka yi masa aikinsa sannan ka haɗa. Wannan `a[0::2]` da kake tsallake ɗaya-ɗaya ban ga amfaninsa ba, sa `a[:len(a)//2]` ka gani.

Malama Binta: Sani ka yi daidai cewa raba aiki gida biyu ake yi ana sake rabawa, amma wurin yankan ba nan ba ne, kuma tsallaken da Auwal ya yi shi ne daidai. Ka gwada naka da hannu da `[1,2,3,4]` ka gani. Rabin farko 1 da 2, jimlarsu 3. Rabin ƙarshe 3 da 4, jimlarsu 7. `X[0]` zai ba ka 10, daidai ne, amma `X[2]` zai ba ka 3 a cire 7 wato -4, alhali amsar gaskiya -2 ce. Ka lura `X[0]` jimlar lambobin ce kawai, duk yadda ka hargitsa rabawar zai fito daidai, don haka kada kowa ya ga `X[0]` ya yi kyau ya saki jiki.

Auwal na ga inda ƙwaron yake a kod ɗinka, layi ɗaya ne, amma in na nuna maka yanzu za ka gyara ka wuce ba ka gane ba, ranar kare furojet kuma a tambaye ka ka tsaya. Ka ba ni dama in faro daga tushe, za ka gan shi da kanka.

Auwal: Wallahi abin da nake so kenan Malama, ina saurare.

Malama Binta: To. Ka manta da `exp` ɗin nan tukuna, ka ɗauka agogon bango ne mai hannu ɗaya, kuma maimakon awa 12 an raba fuskarsa gida N daidai wa daida. Tsawon hannun 1 ne. Abin da `cmath.exp(-2j*cmath.pi*k*n/N)` yake faɗa maka shi ne inda hannun yake nunawa bayan ya taka gida `k*n`, ba wani abu ba.

Yanzu don ka samu `X[k]`, kana tafiya kan samfurinka ɗaya bayan ɗaya, duk samfur ɗaya hannun ya taka gida k, kai kuma ka miƙa hannun ko ka gajarta shi gwargwadon girman samfurin, in samfurin na ƙasa da sifili ne ka juya shi baya, sannan ka ɗora kibiyoyin nan kai da gindi ka ga ina suka kai ka. In siginar tana hawa da sauka da irin saurin da hannun ke zagayawa, kibiyoyin za su riƙa taruwa gefe guda su yi nisa. In saurinsu bai zo ɗaya ba, wannan ta ja gabas waccan ta ja yamma, su cinye juna ka dawo inda ka tashi.

Ɗauki `[1,0,-1,0]`, wato igiyar da ta yi hawa da sauka sau ɗaya cikin samfur huɗu. Da k=1, samfur na farko hannun yana kan 1, ka samu 1. Samfur na uku hannun ya yi rabin zagaye yana kan -1, samfurin ma -1 ne, ka ninka ka sake samun 1. Jimla 2. Da k=2 kuwa, kafin samfur na uku hannun ya riga ya zagayo ya dawo kan 1, sai 1 da -1 su kashe juna, sifili. Amsar gaba ɗaya `[0,2,0,2]`. DFT kenan, babu wani sirri bayan wannan. Tsadarsa kuma a fili take: k guda N, kowanne yana bin samfur N. A 1024 ninkawa 1,048,576 ce, a 8192 ɗinka kuwa 67,108,864, kuma kowacce kana kiran `exp` sabo a cikin Python, shi ya sa fanka ta yi ihu.

Hauwa: Malama me ya sa 2 ɗin ta fito sau biyu, a k=1 da k=3, bayan igiya ɗaya ce? Ni wannan ya daɗe yana rikita ni.

Malama Binta: Saboda a agogo mai gida huɗu, taku uku gaba daidai yake da taku ɗaya baya. Siginar da muke aunawa da waya ba ta zagaye, sama da ƙasa kawai take yi, kuma irin wannan motsi sai hannu biyu ne suke ba da shi, ɗaya na zagayawa dama ɗaya hagu. Don haka in lambobin da kika shigar na zahiri ne babu `j` a cikinsu, `X[N-k]` dole ya zama madubin `X[k]`, ɓangaren zahirin iri ɗaya, na `j` ɗin ya juya alama. Ki riƙe wannan, ma'auni ne mai kyau. Auwal duba mana `X[7]` naka.

Auwal: `X[7]` ya ba ni kusan `0-5.657j`. Kai, ai ko kusa da madubin `X[1]` bai zo ba. Na DFT ɗin kuwa `-4-9.657j` ne, madubi sak.

Malama Binta: Ka ga ko ba ka da amsar gaskiya a hannu da wannan kaɗai ka san akwai matsala. Yanzu rabawar. Ware samfuran da ke gurbin cika, 0, 2, 4, 6, da na gurbin mara, 1, 3, 5, 7. Dubi na cika su kaɗai a agogo mai gida takwas: tunda gurbinsu na tsallake biyu-biyu ne, hannun ba ya taɓa sauka sai a gida 0, 2, 4, 6. To agogo mai gida takwas da ake taka shi biyu-biyu ai agogo mai gida huɗu ne. A rubuce:

```
exp(-2πi·k·(2m)/N) = exp(-2πi·k·m/(N/2))
```

Wato jimlar na cika ita kanta cikakkiyar DFT ce mai tsawon N/2, ita muke kira E. Na mara kuma kowannensu taku ɗaya yake gaban na cika, sai ka fitar da wannan takun waje a matsayin `W^k`, inda `W = exp(-2πi/N)`, abin da ya rage shi ma DFT ne mai tsawon N/2, shi ne O. Saboda haka `X[k] = E[k] + W^k·O[k]`. Wannan ne dalilin da yankan tsakiya na Sani bai yi ba, rabin farko yana taka gidajen agogon ɗaya-ɗaya ne, agogon bai ƙanƙance ba.

Hauwa: Na bi ki har nan amma ga inda nake maƙalewa. E lamba huɗu kawai gare ta, O ma huɗu, mu kuma X takwas muke nema. `E[5]` daga ina zai fito?

Malama Binta: Ƙanwata kin taɓo ainihin wurin, duk ribar a nan take. E an lissafa ta ne a agogo mai gida huɗu, kuma a irin wannan agogon gida na 5 shi ne gida na 1, kamar yadda ƙarfe 13 take ƙarfe 1. Don haka `E[5]` shi ne `E[1]`, `O[5]` shi ne `O[1]`, ba sai an sake lissafa komai ba. Saura `W^5`. Shi a babban agogo mai gida takwas yake, kuma ƙara gida huɗu rabin zagaye ne, hannun ya koma yana kallon kishiyar inda yake, wato `W^5 = -W^1`. Shi ke nan:

```
X[k]       = E[k] + W^k·O[k]
X[k + N/2] = E[k] - W^k·O[k]
```

Ninkawa ɗaya, amsa biyu, ɗaya da tarawa ɗaya da ɗebewa. In aka zana wannan da layuka biyu masu gicciye yana kama da fukafukan malam-buɗe-littafi, da sunan ma ake kiransa a littattafan fannin.

Mu yi `[1,2,3,4]` da hannu. Na cika 1 da 3, jimla 4, bambanci -2, to E ita ce `[4,-2]`. Na mara 2 da 4, O ita ce `[6,-2]`. A k=0, W ɗaya ne, 4 da 6 sun ba da `X[0]=10`, 4 a cire 6 ya ba da `X[2]=-2`. A k=1, W rubu'in zagaye ne wato `-j`, ka ninka da -2 ka samu `2j`, sai `X[1]=-2+2j` da `X[3]=-2-2j`. Ga madubin nan kuma ya fito da kansa.

Auwal, yanzu koma kod ɗinka. Lokacin da fankshon ɗin ya kira kansa da lamba huɗu, agogo mai gida nawa ya kamata ya riƙe, kuma mai gida nawa ka ba shi?

Auwal: Innalillahi. N ɗin! Na ajiye shi a waje, yana nan a 8 har cikin ƙananan kiran. Ya kamata ya zama `len(a)`. Na canza yanzun nan zuwa `k/len(a)` kuma duk takwas ɗin sun yi daidai da DFT. Allah ya saka da alheri Malama. Amma me ya sa 4 bai tona min asiri ba tun farko? Shi ne ya yaudare ni na yi ta neman matsalar a wani wuri.

Malama Binta: Amin. Saboda a 4, kiran ciki tsawonsa 2 ne, kuma a tsawon 2 k=0 kawai ake amfani da shi, `W^0` kuwa 1 ne ko wane N ka sa. Kuskuren yana nan amma ba shi da inda zai nuna kansa. A 8 ne aka fara samun kiran ciki mai tsawon 4 da ke buƙatar k=1, a nan ya kamata hannun ya yi rubu'in zagaye sai ya yi rabin hakan. Wannan ya ɓata `E[1]`, `E[3]`, `O[1]`, `O[3]` kawai, shi ya sa X na 1, 3, 5, 7 suka lalace, na 0, 2, 4, 6 suka tsira. Da ka ce rabi daidai rabi ba daidai ba tun a saƙonka na farko na zargi wurin. Ni shawarata kada ka yarda da gwajin da bai kai 16 ba, kuma ka bar 1, 2, 3, 4 masu tsari, ka zuba lambobin da ka ga dama barkatai ka kwatanta da `dft` ɗinka. Bambancin ya zama ɗan mitsitsi can wajen `1e-12` ko ƙasa, ba zai zama sifili cif ba saboda yadda kwamfuta ke yanke lambobi.

Sani: Na yarda da maganar cika da mara. Amma har yanzu ni lissafin ribar bai zauna min ba. Ka raba aiki biyu ai aikin yana nan, mutum biyu ne kawai suka ɗauka. Buhu goma in ka raba biyar-biyar ai goma ne dai.

Kabiru: Sani buhu ba ya ninka kansa shi ya sa. Nan aikin N sau N ne. 1024 sau 1024 ya ba ka 1,048,576. In ka raba, kowane rabi 512 sau 512 ne wato 262,144, biyun 524,288, ka ƙara ninkawa 512 ta haɗawa. Ka ga tun a yanka ɗaya rabin aikin ya tafi, domin samfurin cika ba ya sake haɗuwa da na mara sai a wurin haɗawar nan kaɗai. Sake yankawa, guda huɗu masu 256, jimlarsu 262,144 da haɗawa 1024. Haka za ka yi ta yi har sau goma ka iso lamba ɗaya-ɗaya, ita kuma lamba ɗaya DFT ɗinta ita ce kanta, kyauta. Sai ya zama babu abin da ya rage sai kuɗin haɗawa, hawa goma kowanne 512, wato 5,120. Daga miliyan ɗaya da ɗoriya. A 8192 na Auwal hawa 13 ne sau 4096, 53,248 maimakon miliyan 67.

Sani: To yanzu na gani, murabba'in ne ke karyewa. Na gode Kabiru.

Malama Binta: Kabiru ya faɗe shi yadda ya kamata. Kuma Sani don kada in zalunce ka, akwai wani salon da yake haɗa `x[n]` da `x[n+N/2]`, wato rabin farko da na ƙarshe kamar yadda ka ce, amma shi tarawa da ɗebewa da ninka W ake fara yi kafin a kira fankshon ɗin, kuma amsoshin ne suke fitowa a rabe cika da mara. Aikinsu ɗaya, tsarin ne ya juya.

Auwal: Jama'a na dawo da sabuwa. Na zuba ainihin awon janaretan na daƙiƙa ɗaya, samfur 1000, sai ya jefo min `IndexError`.

Kabiru: Dole. 1000 ya rabu 500, 250, 125, daga nan ya ƙi, 125 mara ce, gefe ɗaya 63 ɗaya 62. FFT ba ya aiki sai da 2, 4, 8, 16 haka. Cika shi da sifili 24 ya zama 1024, amsar ɗaya ce.

Malama Binta: Dalilin faɗuwar da Kabiru ya faɗa haka yake, kuma Auwal ka gode Allah da ya faɗi da ƙara, da `zip` ka yi amfani da shi wurin haɗawa da ya yar da lambar da ta yi saura shiru ya ba ka amsar banza ba ka sani ba. Sa layi a saman fankshon ɗin da zai ƙi karɓar tsawon mara in ya wuce 1.

Amma maganganu biyu na ƙarshe ban yarda da su ba Kabiru. Na farko, kod ɗin Auwal ne ba ya aiki sai da ninkin biyu, dabarar kanta ta fi haka faɗi. Takardar Cooley da Tukey ta 1965 da N mai rabuwa gida kowane iri ta fara, sannan ta nuna ninkin biyu a matsayin wanda ya fi sauƙi a kwamfuta. Gauss ma da ya riga su gano dabarar wajen 1805 yana lissafin hanyar dutsen sararin samaniya Pallas, awo 12 ya raba uku da huɗu. 1000 kuwa 2×2×2×5×5×5 ne, bayan ka iso 125 sai ka koma raba gida biyar-biyar, kuma `numpy.fft.fft` yana yin wannan da kansa, ba ya buƙatar ka cika komai.

Na biyu kuma shi ya fi shafar furojet ɗin: in ka cika da sifili amsar ba ɗaya ba ce. Gurbi na k yana nufin firikwensi `k*fs/N`, inda `fs` shi ne yawan samfurin da kake ɗauka a daƙiƙa. Da samfur 1000 a daƙiƙa da N=1000, tazarar gurabun 1 Hz ce cif, 50 Hz ya zauna a gurbi na 50 shi kaɗai. Da N=1024 tazarar ta koma kusan 0.977 Hz, 50 Hz ya faɗa a 51.2, tsakanin gurbi biyu, babu mai shi. Sai ka ga tsini a 51, wani a 52, sauran ya malale gefe da gefe yana raguwa.

Kabiru: Malama na karɓi gyara kan ninkin biyun. Amma kan malalar ina da ja. Janareta ai ba ya zama a 50.000, in ya sauka 49.6 ko da N=1000 ɗin ma tsakanin gurbi zai faɗa ya malale. To ribar 1000 ɗin a takarda ce kawai. Ni da zan ba shi shawara ya ɗauki samfur 1024 na gaske ba cikon sifili ba, ya ninka da tagar Hann mai lafar da farko da ƙarshen samfuran zuwa sifili, ya yi amfani da kod ɗinsa.

Malama Binta: Wannan gaskiya ne, ban musa ba, a ainihin inji malalar ba makawa. Abin da nake tsoro shi ne ya cika da sifili ya ci gaba da karanta gurbi na 51 a matsayin 51 Hz. Tagar kuma tana da kuɗinta, tana rage malalar nesa amma tana faɗaɗa tsinin kuma tana rage tsayinsa da rabi, sai ya gyara wannan in zai faɗi ƙarfin wutar. Ni na fi son ya fara ganin abin tsirara ya gane shi kafin ya rufa masa taga.

Kabiru: Ni kuma ina ganin in bai sa ba ƙananan tsinin da yake nema a sama za su iya nutsewa cikin malalar babban. Amma dai ya gwada duka biyun ya gani.

Auwal: Na ɗauki 1024 na gaske kamar yadda Yaya Kabiru ya ce, ban sa taga ba tukuna. Babban tsinin yana gurbi na 49, na 48 da 50 ƙanana ne sosai. Da farko na ce 49 Hz, sai na tuna maganar Malama na ninka da 1000 na raba da 1024, ya ba ni 47.85. Akwai wani ƙarami kuma a gurbi na 147.

Nura mai gyaran wuta: To nan fagena ne. Ƙaramin janareta irin na gida sai ya yi juyi 3000 a minti yake ba da 50, in lissafinka daidai ne naka yana wajen 2870 kenan, ya yi sanyi. Ko lodi ya yi masa yawa ko gwamnan injin yana son a ɗan ɗaure shi. Cire firij da abin dumama ruwa ka sake aunawa. Na 147 ɗin kuma uku sau 49 ne, shi ne abin da na faɗa maka tun farko, zai iya zama daga janaretan, zai iya zama ƙaramar taransfomarka ce ke ƙoshi tana murɗe wutar, balle da firikwensi ya sauka ƙasa, ƙarfen cikinta ya fi saurin ƙoshi.

Malama Binta: Malam Nura ya fi ni sanin wannan ɓangaren. Abin da zan ƙara ɗaya ne, 47.85 ɗin ya dogara ne kacokan kan cewa da gaske 1000 kake ɗauka a daƙiƙa. In a madauki ka sa jinkirin milisakan ɗaya sannan karatun kansa ya ci nasa lokacin, wataƙila abin da kake ɗauka bai kai 1000 ba, kuma duk lambobin za su goce tare. Sai dai ka lura, in ɗaukar ta yi jinkiri firikwensin sama zai nuna ba ƙasa ba, don haka in akwai wannan kuskuren to injin ya ma fi haka sanyi. Auna lokacin da samfur 1024 suka ci da `micros()` ka raba, ka daina ɗauka cewa 1000 ne.

Hauwa: To ta yaya zai bambance ko na 147 ɗin daga janareta yake ko daga taransfoma?

Nura mai gyaran wuta: Ya jona taransfomar a wutar layi in an kawo, ya auna, in tsinin na uku ya ragu sosai to a bar zargin taransfoma. Amma ita ma wutar layin ba tsarkakakkiya ba ce, ba zan rantse a kai ba. Wanda ya fi shi ne ya samo wata taransfomar babba ya kwatanta a janareta ɗaya.

Auwal: Na auna da `micros()`, samfur 1024 sun ci daƙiƙa 1.024 da ɗan abin da bai kai a faɗa ba, da taima na yi shi ba da jinkiri ba, don haka 1000 ɗin na nan. Na cire firij tsinin ya matsa gurbi na 50, wato 48.8, har yanzu bai kai ba. Na ukun ya koma 150, bai ɓace ba. Wuta kuma tun jiya ba su kawo ba, in sun kawo cikin dare zan jona in turo muku hotunan biyu, da taga da babu taga. Yaya Nura in akwai taransfoma mai 12 babba a shagonka zan zo aro gobe bayan azahar.